Aikin Da Ake Biya Kafin A Yi Shi: Yadda Ake Gane Damfarar Neman Aiki Ta Intanet

A garin Jama'are da maƙwabciyarsa Azare, hedikwatar masarautar Katagum a Jihar Bauchi, yawan matasa masu takardun shaidar ilimi yana ƙaruwa kowace shekara. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Jama'are, da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare, da Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau, duk a wannan yanki suke, alhali guraben aikin albashi ba su kai yawan masu nemansu ba. Wannan ne ya sa matasa da dama suka karkata ga aikin jinga ta intanet, wato aikin da mutum zai yi daga ɗakinsa da waya ko kwamfuta, kamar fassara, da rubuta maganar da aka ɗauka a faifai, da naɗar murya da Hausa, da zane-zanen talla, a biya shi gwargwadon abin da ya yi.

Irin wannan aiki akwai shi, kuma ana samun halaliya da shi. To amma inda duk masu nema suka taru, 'yan damfara ba sa nisa. Lamarin ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye, domin matashin da ba shi da aiki ba shi da kuɗin da za a damfara. Kuɗin da kan salwanta na mahaifinsa ne, ko na maigidansa a shago, ko cinikin na'urar POS da aka ba shi amana. Saboda haka ya kamata mai dukiya ya san yadda ake ɗana tarkon, ko da shi kansa bai taɓa neman aiki ta waya ba.

Tsohuwar sana'a cikin sabuwar riga

Karɓar kuɗi tun farko bisa alkawarin wata babbar riba da za ta zo daga baya ba sabon abu ba ne a Nijeriya. Shi ne abin da jama'a ke kira 419, sunan da ya samo asali daga lambar sashen dokar manyan laifuffuka da ya haramta karɓar dukiya ta hanyar yaudara. A shekarun 1990 da wasiƙa da na'urar faks ake yin sa, har abin ya kai gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 13 ta shekarar 1995 musamman dominsa. Dokar da ta gaje ta a shekarar 2006 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, bai kuma wuce shekara 20 ba, ga wanda aka samu da laifin.

Abin da ya sake a yau shi ne abin da ake kwaɗaita wa mutum. A da kwangila ce ko gadon wani attajiri, yanzu kuwa aiki ne. Amma ginshiƙin bai sake ba, kuma da shi ake gane damfarar kowace irin riga ta sa. A aikin gaskiya kuɗi daga mai ba da aiki yake fitowa ya tafi wurin ma'aikaci. Duk cinikin da aka juya shi, aka ce ma'aikaci ne zai fara turo kuɗi kafin a ba shi aiki ko kafin a sakar masa ladansa, to ba ɗaukar aiki ba ne. Manomin da ya ɗauki 'yan ƙwadago su yi masa girbin shinkafa a fadamar kogin Jama'are ba ya cewa kowa ya ajiye dubu biyar kafin ya shiga gona. Sunan da aka laƙaba wa kuɗin, ko na rajista ne, ko na horo, ko na sayen manhaja, ko na haraji, ba ya sake wannan hukunci.

Yadda tarkon ke aiki, mataki-mataki

Nau'in da ya fi wuyar ganewa shi ne wanda ake fara biyan mutum da gaske. Ba Nijeriya kaɗai ya addaba ba. Hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta bayyana a watan Disamba na 2024 cewa ta karɓi ƙorafi kimanin 20,000 a kan wannan nau'i cikin wata shida na farkon shekarar, alhali a duk shekarar 2023 kimanin 5,000 ta karɓa. Domin a ga yadda lissafinsa yake, ga misali da aka tsara da adadin kuɗi irin wanda ya dace da aljihun ɗan kasuwar wannan yanki.

A ɗauka wani matashi ne da ya kammala karatun NCE, yana riƙe wa kawunsa shagon POS a bakin tasha a Jama'are. Wata safiya saƙo ya shigo masa ta WhatsApp daga lambar da bai sani ba. Mai saƙon ta ce ita jami'ar ɗaukar ma'aikata ce a wani kamfanin talla, suna neman masu aikin wucin gadi da za su riƙa danna alamar so a kan bidiyon YouTube, kuma mutum zai iya samun naira 30,000 a rana. Ba a tambaye shi takardunsa ba, ba a yi masa jarrabawa ba, shi kuma bai taɓa aika wa wannan kamfani takardar neman aiki ba.

Mataki na farko shi ne ɗanɗano. Aka turo masa bidiyo uku, ya danna, ya aika hoton shaida, aka karɓi lambar asusunsa, cikin minti kaɗan naira 1,500 suka shigo. Kuɗin gaske ne, yana iya cire su ya kashe. Daga nan shakkarsa ta ragu, domin a saninsa ɗan damfara karɓa yake yi, ba ya bayarwa.

Mataki na biyu shi ne sauya wuri. Aka ce ya koma Telegram, aka sa shi cikin wani zaure mai mutane da yawa, kowa yana liƙa hoton shaidar kuɗin da ya samu yana godiya. Galibin waɗannan masu godiya 'yan ƙungiyar ne, wani lokaci ma mutum ɗaya ne ke riƙe da sunaye da yawa. Aikinsu shi ne su sa baƙo ya ga kamar shi kaɗai ne ke jan ƙafa.

Mataki na uku shi ne inda kuɗi ke juya hanya. Aka sanar da shi cewa akwai aiki na musamman mai lada babba, amma sai an ajiye kuɗi tukuna: wanda ya tura naira 10,000 za a mayar masa da 13,000 cikin awa ɗaya. Ya ɗauka daga aljihunsa ya tura, aka kuwa mayar masa da 13,000 cif. A nan ne aka gama da shi, ko da yake shi gani yake ya ci riba.

Mataki na huɗu shi ne girbi. Aka kawo aikin naira 50,000. Ba shi da su, sai ya ara daga kuɗin shago da niyyar mayarwa kafin magariba. An buɗe masa shafi mai sunansa, a nan ya ga an rubuta 65,000. Da ya nemi cirewa sai aka ce wannan aiki tagwaye ne, ba a cire kuɗi sai an kammala kashi na biyu, shi kuma na naira 150,000 ne. Ya sake ɗiba daga kuɗin shago. Shafin ya nuna 260,000. Da ya sake neman cirewa aka ce sai ya biya harajin kashi 20 cikin ɗari, wato 52,000. Ya ranto wurin aboki ya biya. Daga nan aka ce ya yi kuskure wajen rubuta lambar asusu, kuɗin sun maƙale, sai ya kawo wasu a buɗe. Da ya ce ba shi da ko sisi, aka fitar da shi daga zauren, lambar ta daina amsawa.

In aka zauna da alƙalami, jimillar abin da ya tura naira 262,000 ne, abin da ya dawo hannunsa kuwa 14,500, wato hasararsa 247,500. Su 'yan damfarar naira 4,500 kacal suka kashe daga aljihunsu, 1,500 na farko da ribar 3,000 ta biyu. Wannan shi ne tsabar da aka watsa wa kaza. Adadin 260,000 da yake gani a shafi kuwa ba kuɗi ba ne, lambobi ne da wani ke rubutawa yadda ya ga dama, domin shafin nasu ne, ba na banki ba.

Abin da lissafi zai nuna tun ranar farko

Ɗan kasuwa ba ya buƙatar sanin kwamfuta kafin ya gane wannan ciniki ba mai yiwuwa ba ne. Tambayar da yake yi wa kowace haja ita zai yi: daga ina ribar take fitowa?

A fara da ladan. Naira 30,000 a rana ta kama 900,000 a wata. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Ke nan ana alkawarin kusan ninki 13 na wannan albashi saboda aikin da yaron firamare zai iya yi da ɗan yatsa ɗaya. Lada yana bin ƙarancin masu iya aiki ne. Aikin da kowa zai iya, ladansa kaɗan ne a ko'ina cikin duniya, domin masu son yin sa sun fi aikin yawa. Idan aka ga lada mai tsoka a kan aikin da ba ya buƙatar gwaninta, to ba aikin ake saya ba, amincewar mutum ake saya.

Sai kuma ribar ajiyar. Ko da a ce kashi 30 cikin ɗari ɗin nan sau ɗaya ake ba da shi a rana, ba a kowace awa ba, wanda ya fara da naira 10,000 yana mayar da uwa da riba kullum zai tashi da fiye da naira miliyan 26 a cikin kwana 30. Kamfanin da ke da hanyar juya kuɗi haka ba shi da bukatar dubu goman wani saurayi a Jama'are. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abu na uku shi ne dalilin da ya sa mutum ke ci gaba da biya bayan ya fara zargi. Sa'ad da matashin nan ya tura 50,000 aka ƙi sakar masa, tunaninsa ya bar neman riba ya koma ceto kuɗin kawunsa. Kowane sabon biya yana ganinsa a matsayin na ƙarshe. A ilimin tattalin arziki, kuɗin da ya riga ya tafi ba a sa shi cikin shawarar abin da za a yi nan gaba. Ɗan kasuwar da ya sayi buhun wake ya tarar ƙwari sun cinye ba ya ƙaro buhu uku daga wannan dillali don ya mayar da hasara. Da matashin ya tsaya a wannan mataki, da hasararsa ta tsaya a 45,500.

Yadda kasuwar gaskiya take

Sanin na gaskiya yana taimakawa wajen gane jabu. Manyan dandalin aikin jinga irin su Upwork da Fiverr dillalai ne tsakanin mai aiki da ma'aikaci. Buɗe asusu a cikinsu kyauta ne. Ga aikin da aka yanke farashinsa, mai ba da aiki ne ke fara ajiye kuɗin a hannun dandalin, sai an kammala a sakar wa ma'aikaci bayan an cire la'ada. Fiverr, alal misali, kashi 20 cikin ɗari yake cirewa: aikin dala 50 zai bar wa ma'aikaci dala 40. La'adar daga cikin lada ake yankarta, kamar yadda dillalin kara yake karɓar tasa bayan an sallama, ba kafin a kawo dabba ba.

Akwai iyaka ga wannan ƙa'ida da ya kamata a sani. Upwork yana sayar da wasu maki da yake kira Connects, waɗanda ake amfani da su wajen neman aiki. Bambancin shi ne farashinsu a bayyane yake, a cikin shafin kamfanin ake biya, kuma ba wanda ke cewa su ne mabuɗin sakin ladan da aka riga aka yi wa aiki. Haka kuma kasancewar dandali na gaskiya ba ya nufin duk wanda ke cikinsa mutumin kirki ne. 'Yan damfara kan shiga su liƙa tallar aiki, sannan su ce a koma Telegram a ƙarasa magana. Da zarar an fita, kariyar ajiyar kuɗin ta faɗi.

Bincike uku suna da amfani kafin a amsa kowane tayi. Na farko, a dubi sunan asusun da aka ce a tura kuɗi. Manhajar banki tana nuna sunan mai asusu kafin a tura. Idan kamfani ne ke magana amma sunan mutum ya fito, kuma gobe aka ba da wani asusun da wani sunan, magana ta ƙare. Na biyu, a dubi adireshin imel. Babban kamfani yana rubutu da adireshi mai ɗauke da sunansa, ba wanda ya ƙare da @gmail.com ba, kuma a lura da harafi ɗaya da aka ƙara ko aka sauya a cikin sunan. Na uku, a nemi sunan kamfanin a shafin binciken Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. Sai dai rajista tana nuna kamfani yana nan ne kawai, ba ta nuna cewa mai saƙon wakilinsa ne. Don haka a nemo lambar kamfanin daga shafinsa na ainihi a tambaya ko suna ɗaukar ma'aikata, kada a kira lambar da mai saƙon ya bayar.

Hasarar da ta fi ta kuɗi

Wani tayin ba ya neman kuɗi, yana neman abin da ya fi kuɗi. Akan turo fom na ɗaukar aiki a nemi lambar BVN, da lambobin katin ATM, sannan a ce mutum ya karanto lambar OTP da ta shigo wayarsa domin a tabbatar da asusun albashi. Mai son biyan ma'aikaci a Nijeriya sunan banki da lambar asusu mai alƙaluma 10 da sunan mai asusu sun ishe shi. Lambar OTP ta fitar da kuɗi ce ko ta shiga asusu, ba a buƙatarta wajen karɓa.

Wani kuma akan ba mutum muƙamin wakilin karɓar kuɗi: za a riƙa turo kuɗi asusunsa, ya cire kamashonsa, ya tura saura inda aka ce. Kuɗin na waɗanda aka damfara ne. Ranar da aka bi sawu, asusun da za a fara rufewa nasa ne, kuma shi za a fara kamawa. Masu shagon POS su fi kowa kiyaye wannan, domin asusun da kuɗi ke yawan shiga da fita shi ake nema.

Aikin kansa ma yana iya zama laifin. A watan Disamba na 2024 Hukumar Yaƙi da Yi wa Tattalin Arzikin Ƙasa Zagon Ƙasa, EFCC, ta kama mutum 792 a wani bene da ke Victoria Island a Legas, cikinsu har da 'yan ƙasar Sin 148 da 'yan Filifin 40. Hukumar ta bayyana cewa an ɗauki matasan Nijeriya aiki ne, aka ba su kwamfuta da waya, aka koya musu yadda za su ƙulla abota da mutanen ƙasashen waje ta intanet domin a ja su zuwa zuba jarin bogi. Aikin da sharaɗinsa shi ne mutum ya yi magana da sunan da ba nasa ba, da hoton da ba nasa ba, ba aikin kula da abokan ciniki ba ne ko da an kira shi haka.

Idan an riga an faɗa

Abu na farko shi ne a daina biya nan take, kome aka ce ya maƙale. Na biyu, a sanar da banki cikin gaggawa, ta layin kula da abokan hulɗa ko a reshe mafi kusa, a ba da lambar shaidar kowane turi, a nemi su tuntuɓi bankin da ya karɓa domin a riƙe kuɗin. Sa'o'in farko su ne masu muhimmanci, domin 'yan damfara kan rarraba kuɗi zuwa wasu asusun ko su mayar da su kuɗin kirifto cikin ɗan lokaci, kuma daga nan dawo da su yana da wuya ƙwarai. A rubuta ƙorafin a takarda a karɓi shaida. Idan mako biyu suka wuce banki bai warware ba, ana iya kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Nijeriya.

Na uku, kada a goge saƙonnin don jin kunya. A ɗauki hotonsu, da lambobin waya, da sunayen asusun, a kai wa 'yan sanda ko ofishin shiyya na EFCC da ke Gombe ko na Kano. Na huɗu, a yi hattara da wanda zai ɓullo daga baya ya ce shi lauya ne ko jami'i, zai ƙwato kuɗin idan aka ba shi wani abu. Sau da yawa mutanen farko ne suka dawo, domin sun san wanda ya biya sau huɗu yana iya biya na biyar.

Ga masu dukiya kuwa, matakin kariya a cikin shago yake. A misalin da ya gabata, naira 200,000 sun fita daga kuɗin shago a turi biyu zuwa asusun da ba na abokin ciniki ba. Maigidan da saƙon banki ke shigowa wayarsa, yake kuma rufe lissafi kowace yamma, zai ga 50,000 na farko kafin a kai ga 150,000. Haka nan yaron da ya san zai iya gaya wa maigidansa ya yi kuskure ba tare da an tozarta shi a bainar jama'a ba, zai yi magana da wuri. Abin da 'yan damfara suka fi dogara da shi bayan kwaɗayi shi ne shirun wanda ya ji kunya, domin kowace awa da ya yi yana ɓoyewa tana ba su damar neman wani biyan da kuma kwashe wanda ya riga ya shiga hannunsu.